Kuskuren Farashi a Shagon Intanet: Dole Ne Mai Kaya Ya Cika Odar?

Tambaya: Ina da shago a intanet inda nake sayar da kayan lantarki. Da daddare na sabunta farashin wani injin wanki, sai na rubuta 89 a maimakon 890, ban ankara ba sai da gari ya waye. Kafin nan mutum goma sha huɗu sun yi oda: goma sha uku sun ɗauki ɗaya-ɗaya, mutum guda kuma ya ɗauki ashirin. Shafin ya cire kuɗinsu, ya tura musu saƙo da kansa, har ma yaron shagona ya riga ya aika da guda biyu. Shin doka ta tilasta mini in ba su kayan a wannan farashi, ko ina da ikon soke odar in mayar musu da kuɗinsu?

Amsa: Malam, bisa abin da ka bayyana, a dokokin mafi yawan ƙasashe kana da hujja mai ƙarfi ta ƙin sallama yawancin waɗannan injina, amma ƙarfin hujjar ba ɗaya ba ne a kan dukkan masu odar, kuma jinkiri na iya raunana ta. Idan magana irin wannan ta je gaban alƙali, abubuwa biyu yake bincikawa bi da bi. Na farko, shin cinikin ya ƙullu ko bai ƙullu ba. Na biyu, idan ya ƙullu, shin mai saye ya san cewa kuskure ne a lokacin da ya danna odar. Amsar ta farko tana cikin saƙon da shafinka ya aika da kuma sharuɗɗan da ka rubuta, amsar ta biyu kuwa tana cikin girman kuskuren da kuma yadda kowane mai saye ya yi.

Bari mu fara da ƙulluwar ciniki. Ciniki ba ya tabbata sai an samu tayi daga ɓangare ɗaya da sallamawa daga ɗaya ɓangaren, wato abin da malaman fiƙihu ke kira ijabi da kabuli. Mutane da yawa suna ɗauka cewa farashin da aka manna wa kaya shi ne tayin, don haka da zarar mai saye ya ce ya amince, magana ta ƙare. A tsarin dokar Ingila, wanda ƙasashe da dama suka gada, ba haka abin yake ba. Baje kaya da farashi a kansu gayyata ce kawai, kira ne ga jama'a su zo su taya. Mai saye ne ke yin tayi, mai kaya kuma shi ke da ikon sallamawa ko ƙi. An tabbatar da wannan a shari'ar kamfanin magunguna na Boots a shekarar 1953, inda kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta ce ɗaukar kaya daga kanta ba ya ƙulla ciniki, sai an kai su wurin mai karɓar kuɗi ya amince. Dalilin wannan ƙa'ida a bayyane yake, domin da a ce talla tayi ce, da mai kaya biyar zai wayi gari ya ƙulla ciniki da mutum ɗari waɗanda duk suka ce sun amince. Dokar Jamus ma tana kallon kayan da aka baje a shafin intanet a matsayin gayyata. Akwai dai inda aka saɓa: dokar Suwizalan ta ce baje kaya tare da farashinsu, a bisa asali, tayi ne, kuma wasu ƙasashe suna da dokokin kare masu saye da ke ɗora wa mai talla nauyin abin da ya tallata. Saboda haka ya kamata ka san dokar wace ƙasa ce ke hukunta cinikinka kafin ka dogara da ƙa'idar gayyata ɗari bisa ɗari.

To, idan odar mai saye ita ce tayin, yaushe ka sallama? A nan ne mafi yawan masu shagunan intanet ke faɗawa rami ba tare da sun sani ba, domin na'ura ce ke magana da yawunsu alhali suna barci, kuma doka tana ɗaukar abin da na'urarka ta aika tamkar kai ka faɗa da bakinka. Je ka buɗe ɗaya daga cikin saƙonnin da shafin ya tura, ka karanta shi kalma bayan kalma. Idan abin da ya ce bai wuce cewa odar ta iso kuma za a duba ta ba, to wannan shaidar isowa ce kawai, ba sallamawa ba ce. Idan kuwa ya ce an amince da odar, ko an kammala saye, ko ya ba da ranar da kaya za su isa, to da wuya ka iya musanta cewa ka sallama. Kamfanin Kodak ya ɗanɗana wannan a farkon shekarar 2002, lokacin da ya sa wata kyamara a shafinsa na Birtaniya a kan fam 100 maimakon fam 329. Da farko ya ƙi ba da kayan, amma saƙon tabbatarwar da na'urarsa ta aika wa masu saye ya yi kama da na cinikin da ya riga ya faɗa, kuma fam 100 farashi ne da mai hankali zai iya ɗauka a matsayin rangwame na musamman. A ƙarshe kamfanin ya janye ya cika odar, ya haɗiye asarar.

Bayan saƙon, sai ka duba sharuɗɗan shafinka. Manyan shagunan intanet sukan rubuta cewa ciniki ba ya ƙulluwa sai lokacin da aka aika da kayan, kuma idan an gano kuskure a farashi kafin nan suna da ikon soke oda su mayar da kuɗi. Irin wannan sharaɗi yana aiki ne idan an nuna wa mai saye shi kafin ya biya, misali ta hanyar akwatin da zai danna ya ce ya yarda. Wanda aka ɓoye a can ƙasan shafi, ko aka ƙara bayan rigima ta tashi, ba shi da wannan ƙarfi. (Kada ka kuskura ka sauya sharuɗɗan yau da nufin su yi aiki a kan odar jiya, domin ana iya gano tsohon rubutun, kuma daga nan alƙali ba zai ƙara yarda da maganarka ba.) Cire kuɗi kuma shi kaɗai ba koyaushe yake nufin sallamawa ba, musamman idan sharuɗɗa sun fayyace lokacin ƙulluwar ciniki, amma idan babu wani sharaɗi, kuma an cire kuɗi, kuma saƙon ya yi kama da amincewa, to ka ɗauka kawai cewa cinikin ya ƙullu, ka koma ga tambaya ta biyu.

Asalin ƙa'ida a nan ba ta yi wa mai kaya daɗi ba. Doka ba ta duba abin da ke zuciyar mutum, tana duba abin da ya bayyana a fili, don haka wanda ya yi kuskure shi kaɗai, ɗaya ɓangaren bai sani ba, yawanci shi zai ɗauki asararsa. Sai dai akwai togaciya mai muhimmanci: idan mai saye ya san cewa farashin kuskure ne, ba shi da ikon wawure shi sannan ya ce a tilasta wa mai kaya. An kafa wannan a shari'ar Hartog da Colin & Shields a 1939, inda 'yan kasuwa suka yi tayin sayar da fatun zomo 30,000 daga Ajantina, suka rubuta farashin a kan awon nauyi maimakon a kan kowace fata, abin da ya mayar da kuɗin kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da suke nufi. Tun farkon tattaunawarsu a kan fata guda-guda ake magana, haka kuma al'adar sana'ar take, saboda haka kotu ta ce ba yadda za a yi mai sayen bai gane kuskuren ba, ta kori ƙararsa.

Shari'ar da ta fi kama da taka ita ce ta kamfanin Digilandmall a Singafo, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. A watan Janairun 2003, wani ma'aikaci da ke gwajin shafin kamfanin ya sa farashin dalar Singafo 66 a kan wata babbar na'urar buga takardu ta HP wadda ainihin kuɗinta dala 3,854 ne. Kafin a farga, mutum 784 sun yi odar na'ura 4,086, kuma shafin ya aika musu da saƙon tabbatarwa da kansa. Daga cikinsu akwai wasu abokai shida da suka yi odar guda 1,606 a cikin dare ɗaya, wato suka nemi mallakar kayan da darajarsu ta haura dala miliyan shida da kuɗin da bai fi dala dubu ɗari da 'yan kai ba. Da kamfanin ya ƙi, sai suka kai ƙara. Abin lura shi ne kotu ba ta ce ciniki bai ƙullu ba. Ta yarda cewa saƙon da na'ura ta aika sallamawa ce. Amma ta bi sawun masu ƙarar, ta ga saƙonnin da suka yi ta aika wa juna a daren, da binciken da wasunsu suka yi a intanet don sanin ainihin farashin, da gaggawar da suka yi cikin tsakar dare, da kuma yawan kayan da ba su da wata buƙata da su. Daga waɗannan ta yanke cewa sun san kuskure ne, don haka cinikin ɓatacce ne. An yi wannan hukunci a 2004, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da shi a 2005, tare da ƙarin bayani cewa abin da ake nema shi ne sani na haƙiƙa, ko da yake ana iya gano sanin daga halin da ake ciki, kuma wanda ya rufe idonsa da gangan don kada ya gani ba zai fake da rashin sani ba.

Yanzu mu ɗora wannan a kan odarka. Injina talatin da uku ke nan gaba ɗaya, kowanne da giɓin 801, jimillar abin da ke cikin haɗari 26,433, amma a wurina kashi uku suka rabu.

Mai guda ashirin shi ne mafi sauƙi, kuma shi kaɗai ya ɗauki 16,020 na wannan giɓi. Babu gidan da ke buƙatar injin wanki ashirin, kuma idan ɗan kasuwa ne mai niyyar sake sayarwa, to ya fi kowa sanin kuɗin kayan, wanda hakan ya ƙara tabbatar da cewa ya gane kuskuren. Ka adana bayanan odarsa: lokacin da ya yi ta, ko a karo ɗaya ne ko sau da yawa a jere, ko ya taɓa sayen wani abu a wurinka, da duk wani saƙo da ya aiko. Sau da yawa irin waɗannan masu saye da kansu suke ba da hujja, domin sukan rubuto suna cewa kuskurenka ne, ba ruwansu, dole ka cika. Wannan jimla ba ta tabbatar da cewa sun sani tun a lokacin odar ba, amma tana taimakawa idan aka haɗa ta da sauran alamu.

Mutum goma sha ɗaya da suka yi odar ɗaya-ɗaya kuma ba a aika musu ba tukuna su ne wurin da ake buƙatar natsuwa, domin sayen guda ɗaya ba ya nuna mugun nufi. A kansu girman giɓin ne zai yi magana. Babu wani adadi da doka ta yanke cewa daga nan kuskure ya zama bayyananne, amma shari'o'in da aka yi suna ba da ma'auni. A Singafo farashin bai kai kashi biyu cikin ɗari na ainihi ba. A Faransa kuwa, a 1995, kotun ƙoli ta ƙi warware cinikin wani zobe da kamfanin Cartier ya sayar a kan faran 101,556 alhali yana cewa kuɗinsa 460,419 ne, saboda a ganinta kuɗin da aka biya bai kai ƙanƙantar da za a ce ba farashi ba ne. Naka kashi goma cikin ɗari ne, kuma sifiri guda da ya faɗi kuskure ne da ido ke iya ganewa, don haka ina ganin ya fi kusa da ɓangaren bayyananne. Amma akwai abubuwan da za su iya juya maganar. Idan a wannan makon kana tallata gagarumin rangwame, ko shafin ya nuna 890 an ja masa layi sannan 89 a gefensa, ko ka saba karyar da tsofaffin kaya a farashi mai rahusa ƙwarai, to mai saye yana da damar cewa ya ɗauka da gangan ka yi. Idan kuwa injin yana zaune a tsakiyar 'yan'uwansa masu ɗari takwas da ɗari tara ba tare da wata alamar rangwame ba, hujjarsa ta yi rauni sosai.

Biyun da aka riga aka aika su ne mafi wuya, domin ko da sharuɗɗanka sun ce ciniki na ƙulluwa da aikawa, to ga shi an aika. Ba wai babu hanya ba ne sam. A Jamus, inda doka ta ba wanda ya yi kuskure wajen furta nufinsa damar warware ciniki ko da ɗaya ɓangaren bai sani ba, kotun ƙoli ta tarayya ta yarda a 2005 wani mai shago ya karɓo kwamfutar tafi-da-gidanka da ya riga ya kai wa mai saye, bayan manhajarsa ta mayar da yuro 2,650 zuwa 245. Sai dai dokar can ta gindaya sharuɗɗa biyu: a sanar da warwarewar ba tare da jinkiri ba da zarar an gano kuskuren, kuma a biya mai saye asarar da ya yi saboda dogaro da cinikin, sai fa idan ya san kuskuren ko ya kamata ya sani. A ƙasashen da ke bin tsarin Ingila hanyar ta fi ƙunci, domin sai ka nuna sanin mai saye. Idan kayan suna hanya, ka tuntuɓi kamfanin jigila yanzu ka ga ko za a iya tsayar da su. Idan sun isa, shawarata ita ce ka rubuta wa mutanen biyu cikin ladabi ka bayyana abin da ya faru, ka ba su zaɓin mayarwa a kan kuɗinka ko cika wani ɓangare na giɓin, idan sun ƙi kuma ka haƙura. Giɓin 1,602 ba zai kai abin da shari'a biyu za su ci ba, kuma kada ka yi gangancin cire ƙarin kuɗi daga katinsu ba tare da izininsu ba, domin wannan wani laifi ne daban da ya fi kuskuren farko muni.

Game da sauran goma sha biyun, abin yi a yau shi ne ka gyara farashin, ka ɗauki hoton shafin da bayanan da ke nuna lokacin da kuskuren ya shiga da lokacin da ka gano shi, ka hana a aika da ko guda ɗaya kuma, sannan ka rubuta wa kowa a rubuce. Saƙon ya faɗi ainihin farashin, ya ce an rubuta 89 ne bisa kuskure, ya ce ba za ka iya sallama kayan a haka ba, kuma ya sanar da cewa an mayar da kuɗin gaba ɗaya har da na jigila. A mayar da kuɗin ta hanyar da aka biya, ba a matsayin takardar sayayya da za ta tilasta musu dawowa shagonka ba. Akwai wani kuskure da na sha gani wurin masu shaguna, wato su ji kunyar faɗin gaskiya su ce kayan ne suka ƙare. Wannan ƙarya tana cutar da mai yin ta sau biyu: ba ta zama sanarwar warware ciniki saboda kuskure ba, kuma da zarar mai saye ya ga injin ya koma shafi a kan 890, ya samu hujjar kai ka gaban hukumar kare masu saye. Haka nan aika wa wasu kayan bayan ka san da kuskuren zai sa a ce ka amince da farashin da saninka.

Maganar hukumar kare masu saye tana da nata gefen. Dokokin ƙasashe da yawa, har da na Tarayyar Turai tun 2005, sun haramta tallar yaudara, wato a sa farashi mai arha don jawo mutane alhali ba a da niyyar sayarwa a haka. Kuskure na gaskiya da aka gyara cikin sa'o'i ba ya shiga wannan layi, amma wanda aka bari kwana da kwanaki bayan an sani, ko wanda ke maimaituwa kowane wata, ko wanda ake amfani da shi wajen tura masu saye ga wani kaya mai tsada, zai fara kama da dabara. Idan kuma kana sayarwa ta wani babban dandali ne ba shafinka na kanka ba, ka duba ƙa'idojinsa, domin wasu sukan rage wa mai kaya matsayi ko su ci tararsa idan ya soke oda, ko da doka tana bayansa.

Idan wani daga cikinsu ya dage ya kai ƙara kuma ya yi nasara, abin da kotu ta fi bayarwa a kan kaya irin waɗannan da ake samu a ko'ina shi ne diyya, ba umarnin miƙa kayan ba, kuma ana lissafa diyyar da bambancin da ke tsakanin farashin cinikin da na kasuwa. Ma'ana, mafi munin abin da zai same ka a kan kowane mai oda ɗaya shi ne kusan 801 da kuɗin shari'a. Sanin wannan adadi zai taimaka maka wajen sulhu: rangwamen kashi goma ko goma sha biyar cikin ɗari ga waɗanda har yanzu suke son injin ya fi arha nesa ba kusa ba, kuma ka rubuta a fili cewa kyautatawa ce, ba amincewa da cewa suna bin ka wani haƙƙi ba. Mai guda ashirin kuwa, idan ya aiko da takardar lauya, kada ka amsa da kanka. Ka kai wa lauyan da ya san dokar ƙasarka saƙon tabbatarwar, da sharuɗɗan shafin kamar yadda suke a daren, da bayanan odar.

Sauran aikin na cikin shafin ne. A sauya saƙon farko ya ce odar ta iso kuma ciniki zai tabbata ne idan an aiko da saƙo na biyu mai sanar da aika kaya, a rubuta wannan a sharuɗɗan da mai saye ke amincewa da su kafin biya, kuma idan tsarin biyan kuɗinka ya ba da dama, a riƙe kuɗin a katin mai saye kawai, kada a cire sai lokacin aikawa. A sa wa manhajar iyaka ta yadda za ta ƙi karɓar farashin da ya gaza kuɗin da ka saro kayan, ta kuma tsayar da duk odar da ta haura guda biyu ko uku na manyan kaya har sai mutum ya duba ta. Yaron shagon ma a gaya masa cewa duk takardar aikawa da ya ga kuɗinta bai yi daidai da kayan ba, ya ajiye ta ya kira ka kafin ya ɗaure kwalin.